Layin Kwana Tara

A shagon nan kowa Anti Tef yake ce mata, har Madam da ke biyan ta albashi, saboda tef ɗin awo da ba ya barin wuyanta. Shagon ɗinkin kayan aiki ne: rigunan masu girki, na ma'aikatan jinya, na masu share ofisoshi, na masu wanki a otal. Ɗakuna uku ne a bayan wani dogon gini. Na farko kekunan ɗinki, na biyu sito, na uku kuma wani ɗan tsukuku mai taga ɗaya, inda aka dasa tebur da kwamfuta aka ce ofis. Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin farko tana yankan yadi, har almakashi ya cinye mata wuyan hannun dama. Lokacin ne kuma shagon ya fara sayar da kaya ta intanet, sai Madam ta ce tunda babu wanda ya san rigunan nan kamar ta, ta koma ofis ta riƙa rubuta shafukan kaya. Da yatsa biyu ta fara buga kwamfuta, tana yi tana zagin ta. Bayan shekara huɗu, da yatsa biyun take bugawa har yanzu, zagin ne dai ya ragu.

Mace ce mai jiki, kuma ba irin jikin da ake kakkauce wa faɗa ba. Tun tana budurwa ta san yadda mai shago yake duban mace irinta daga sama zuwa ƙasa, ya yi ɗan murmushin nan, ya ce, «Kai, Anti, naki sai dai a ɗinka.» Mijinta, direban bas ne da ya yi ritaya, yakan tsokane ta ya ce da ita ce fasinja a motarsa da kuɗin kujera biyu zai karɓa. Ita kuma ta ce masa shi ai rabin kujera ma rangwame aka yi masa. A gida wasa ne. A waje ba wasa ba ne, kuma ba ta taɓa ɗaukar sa wasa ba.

Shi ya sa shafukanta suka fita daban. Kowace riga hoto biyar take yi mata: gaba, baya, gefe da hannu a ɗage don a ga hammata ba ta ɗaure ba, aljihu da waya a ciki don a ga zurfinsa, sai yadin a kusa-kusa, a hasken taga, don launin kada ya yi ƙarya. In riga tana da launi uku, kowane launi da nasa hoton, wanda ya danna shuɗi shuɗi zai gani. A bayani ba ta san «mai kyau ce ƙwarai» ba. Takan rubuta auduga kashi sittin da biyar, roba kashi talatin da biyar, aljihu uku, maɓallan matsawa ne, ba ta jan jiki bayan wanki, kada a sa mata bilic in mai launi ce. Jadawalin awo kuwa layi biyu take yi wa kowane saiz, awon jikin mutum daban, awon rigar daban, domin ta ga mata da yawa sun sayi rigar da faɗinta daidai yake da ƙirjinsu, suka kasa ɗaga tukunya a cikinta. Rigar aiki sai ta fi jiki da santimita goma zuwa goma sha biyu, kuma haka ta rubuta a ƙarƙashin jadawalin.

Amma abin da ta fi ji da shi manyan saiz ne. Daga S zuwa 2XL ana ɗinka su da yawa a jibge a sito, kowanne da lambarsa da adadinsa a kwamfuta, in an saya a naɗe a miƙa wa mai kai kaya washegari. Daga 3XL zuwa 5XL kuwa ba a ajiye su. Sai an yi oda Baba Tela yake yanka ya ɗinka, shi kaɗai, domin shi ne ya iya faɗaɗa hannu da ƙugu ba tare da kafaɗa ta zubo ba. Baba Tela tsoho ne mai ƙaramin jiki da tabarau ɗaure da zare, ya riga kowa zuwa shagon, kuma aikin manyan saiz ne kaɗai ya rage da yake riƙe da shi a wurin. Anti ce ta yi ta naci wa Madam har aka sa waɗannan saiz a shafi. Adadinsu a sito sifili ne kullum, don haka ta buɗe musu damar a saya ko babu a ajiye. Ta kuma tsara shafin yadda in mace ta danna 3XL ko sama, abu biyu za su canza. Hoton zai koma na mace mai jiki sanye da rigar, kuma a saman maɓallin saye wani layi zai fito da manyan baƙaƙe: «Wannan saiz ana ɗinka shi ne bayan an yi oda. Ɗinki kwana tara na aiki, kawowa kwana biyu zuwa uku bayan haka.»

Matar da ke hoton ita ce. Ba a sami kuɗin ɗauko wata ba, ba a ma nema ba. Ta tsaya jikin farin bangon sito, aka ɗauke ta daga haɓa zuwa gwiwa, ta rubuta a ƙasa: tsawonta santimita 164, ƙirjinta 131, tana sanye da 4XL. Ranar da ta rubuta wannan lambar don duniya ta gani sai da ta daɗe yatsanta na kan maɓalli. Daga baya ta ce to, ai ba sata ta yi ba.

Haka abubuwa suke har ƙanin Madam ya zo. Shekara biyu yana zaune ba aiki, ya yi wani kwas na wata uku a kan kasuwancin intanet, ya fito da takardar shaida da sabuwar jakar kwamfuta. Madam ta ce zai riƙa taimakawa a ofis. Kafin mako ya zagayo masu ɗinki sun raɗa masa Manaja, shi kuma ya amsa, bai gane tsokana ba ce. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Mutum ne dai wanda in ya koyi abu ɗaya jiya, yau yake ganin duk wanda bai sani ba jahili ne.

«Anti, shafukan nan naki sun yi surutu da yawa,» ya ce mata a kwana na uku, yana tsaye a bayanta yana taunar cingam a kunnenta. «Kwastoma ba ya karatu. Hoto mai kyau, farashi, maɓalli, shi ke nan. Duk layin da ya sa mutum ya tsaya tunani, asara ne.»

«To wace asara ce a mutum ya san ranar da kayansa za su zo?»

«Kin ga wannan kwana taran? Shi ke korar mutane. Suna gani suke rufe shafin.»

«Gara su rufe. Wadda take sauri ta nemi wani wuri tun da wuri, ai na yi mata alheri.»

Ya yi dariya ya ce tunanin da ne. Ta yi tsaki ta ci gaba da aikinta. Da a nan maganar ta tsaya da babu labari.

Wuyan hannun nan ne ya ƙi lafawa, likita ya ce sai an yi aiki, hutun mako uku. Tsarin da shagon yake biya a manhajar kantin ma'aikaci biyu kawai ya yarda su shiga, Madam da Anti. Manaja ba shi da tasa ƙofar. Ranar da za ta tafi, ta rubuta masa lambar sirrinta a ɗan guntun takarda, ta ce masa don ya riƙa gyara adadin kaya ne kawai in sababbi sun fito daga ɗinki. Har sau biyu ta faɗa. Ya ce, «Haba Anti, je ki ki huta, kada ki damu.»

Ta huta kuwa. Mako uku mijinta yana yi mata shayi mai ruwa-ruwa yana cewa ashe haka ake jin daɗi in an auri direba. Ba ta leƙa shafin ba ko sau ɗaya, domin likita ya hana ta riƙe waya da wannan hannun, ɗayan kuma ba ya jin maganarta.

Ranar Litinin da ta dawo, tun daga ƙofa ta san akwai magana. Baba Tela bai ɗago ya ce mata «ƙanwata, an dawo?» kamar yadda ya saba ba. Yana duƙe a kan keke, idonsa ja, takardun oda a soke a jikin ƙusa kusa da shi sun yi tsini kamar gashin tsintsiya. Ta ƙirga su da hannun hagu. Ashirin da uku. A da in sun yi yawa su kai bakwai.

«Baba, wannan fa?»

«Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Kullum waya, kullum zagi. Wai na ce kwana uku. Yaushe na ce kwana uku? Ni aljani ne?»

Ta shiga ofis ta buɗe shafin farar rigar masu girki. Sai da ta cire tabarau ta goge ta mayar. Hoto biyu ne suka rage, duka na wata siririyar yarinya da Manaja ya samo, an ɗame mata rigar ta baya da abin matse takarda har ta zama kamar rigar fita biki. Bayanin ya koma layi ɗaya, wai inganci da kwalliya a farashi mai sauƙi. Jadawalin awo ya zama guda ɗaya na shago gaba ɗaya, riga da wando da ƙyallen da masu girki ke ɗaurawa a gaba duk awo ɗaya. Ta danna 4XL. Hoton bai canza ba. Layin bai fito ba. A wurinsa akwai wani ɗan koren rubutu da hoton mota, iri ɗaya a kowane shafi da kowane saiz: «Kayanki za su iso cikin kwana biyu zuwa uku.»

Ta duba shafi na biyu, na biyar, na goma sha ɗaya. Duka arba'in da shida haka suke. Ba ɗaya-ɗaya ya bi su ba ma, sauke su ya yi a jadawali guda, ya cike layin isarwa daga sama har ƙasa da magana ɗaya, ya mayar. Aikin shekara huɗu, da shi da shan shayinsa bai fi awa ɗaya ba.

Sai ta gangara ƙasan shafin, inda masu saye ke rubuta ra'ayinsu. Tauraro ɗaya. Wata mata ce ta rubuta da tsawo. Ta ce ta sami aikin girki a kicin ɗin wani asibiti bayan wata takwas tana nema. Aka ce ta zo ranar Litinin da farar rigar aiki, nasu na sito babu mai shigar ta. Ranar Talata ta yi odar 4XL guda biyu, shafin ya ce kwana biyu zuwa uku. Ranar Juma'a ta kira, wani namiji ya ce kaya suna hanya. Litinin ta je da rigar gida, shugabar kicin ta ce doka ba ta yarda ba, ta ba ta kwana biyu. Laraba ta koma hannu wofi, ta tarar an ɗauki ta biyu a layi. A ƙarshe ta rubuta: da kun gaya mini gaskiya da na kai wa tela ya ɗinka mini a kwana huɗu.

Wannan layin na ƙarshe shi ya fi ƙona wa Anti rai, domin gaskiya ne. Abin da layinta yake yi ke nan shekara huɗu, yana gaya wa mace mai sauri ta nemi tela. Ta zauna tana huci, hannun da aka yi wa aiki yana zuga kamar yau aka yanka shi.

Manaja ya shigo wajen ƙarfe goma da lemo a hannu.

«A'a, Anti! Sannu da dawowa. Kin ga gyaran da na yi? Odar manyan saiz ta ninka sau uku.»

«Ta ninka. Wa zai ɗinka?»

«Wannan matsalar ɗakin ɗinki ce, ba ta shafi ba.»

«Kai ne ka ce wa matar nan kaya suna hanya?»

Ya ɗan kauda kai. «Haka ake cewa. Ba a gaya wa kwastoma ba a fara ba.»

«Wace hanya? Yadin yana kan kanta ko yanka shi ba a yi ba, kana cewa yana hanya? Kai ka san wata takwas ba aiki kuwa?» Ta tsaya, domin ta tuna ya sani, ya ma fi wata takwas. Wannan ya ƙara mata haushi. «Kai da ka sani! Kai da ka zauna shekara biyu!»

Ya sha mur ya ce ba ya son a kawo maganar gida cikin aiki. Ya fita ya bar lemonsa a kan teburinta.

Da la'asar Madam ta kira Anti da Manaja da Baba Tela sito, ta rufe ƙofa. Madam mace ce mai sanyin magana, ta gina shagon nan daga keke ɗaya, kuma ba ta taɓa jinkirta albashin kowa ba. Amma ƙani ƙani ne. Manaja ya riga ya shirya, har da zane a kwamfutarsa. Ya nuna cewa duk ƙorafin da aka samu a mako ukun nan, goma sha huɗu cikin goma sha shida daga manyan saiz suka fito. Saboda haka, in ji shi, maganin a fili yake: a cire 3XL zuwa 5XL daga shafukan gaba ɗaya. Ba su da yawa, suna cin yadi, suna cin lokaci, suna ɓata wa shago suna.

Baba Tela ya sunkuyar da kai yana murza zaren tabaransa. Kowa a ɗakin ya san in an cire manyan saiz, an cire shi.

Anti ta dubi zanen. Wato mutum ya goge gargaɗin da ke bakin rami, mutane suka faɗa, shi kuma ya zo da zane yana cewa masu faɗawar ne matsala.

«Madam, shekara huɗu manyan saiz suna shafin nan. Ƙorafi nawa kika taɓa ji? Ki buɗe ki duba. Ba saiz ba ne, layin da ya goge ne. A mayar da layin, a mayar da jadawalin kowace riga, a rubuta wa mutum ashirin da ukun nan yau a gaya musu ranar gaskiya, wadda ba za ta iya jira ba a mayar mata da kuɗinta. Shi ke nan.»

«Ni ban goge komai ba,» in ji Manaja. «Tsari na daidaita. Kuma in ana maganar wa ya yi, a duba tarihin gyara mana.»

Madam ta buɗe a wayarta. Manhajar tana ajiye sunan wanda ya taɓa kowane shafi da ranar da ya taɓa. Shafi arba'in da shida, rana ɗaya, kuma a gaban kowanne sunan Anti ne, tunda da ƙofarta ya shiga.

Anti ta dubi Manaja. Wallahi ko kunya bai ji ba, ko kuma ya ji ya danne.

«Ranar nan ina kwance an naɗe mini hannu kamar jariri,» ta ce. «Madam, ke kika kai ni asibitin da motarki.»

«Na sani, Anti. Babu wanda ya ce ke ce.» Madam ta ce wa mazan su ba su wuri. Da suka fita ta zauna a kan wani ƙunshin yadi, ta murza goshinta. «Anti, ki saurare ni. Na san shi ya yi. Amma yaron nan da ƙyar aka samu ya fito daga ɗaki. Matarsa saura kaɗan ta tafi. Innarmu kullum sai ta kira ni ta ce yaya yake yi. In na tsaya gaban ma'aikata na ce shi ne, ya bar wurin nan, ban san inda zai faɗa ba.»

«To sai Baba Tela ya faɗa a madadinsa?»

«Ba na so. Manyan saiz za su zauna. Ki mayar da shafukanki yadda suke, layinki, jadawalinki, komai. Zan raba shi da shafuka in mayar da shi wajen talla.» Ta ɗan tsaya. «Amma dole a ba matar nan amsa a ƙarƙashin abin da ta rubuta, kowa yana gani. Kuma ta ce tana son ta yi magana da wanda ya rubuta kwana uku. Shi ba zai iya ba, zai ƙara ɓata abin. A ce kuskure ne daga mai kula da shafukanmu. Ba a faɗi suna ba.»

«Mai kula da shafuka mutum nawa ne a shagon nan?»

Madam ta mayar da idonta kan wayarta.

«In na ƙi fa?» in ji Anti.

«In kin ƙi, sai in tsaya a bayan shawararsa, don kada a ce komai nasa kuskure ne. Ba zan iya kayar da shi sau biyu a rana ɗaya ba, Anti. Ki taimake ni.»

Wannan shi ne abin da Anti ba ta yafe ba har yau, kuma ba na ganin laifinta. Ba a ce ta yi ƙarya ba, ba a kore ta ba, ba a rage mata ko sisi ba. An dai ɗora mata tsoho a hannu ɗaya, mutuncinta a ɗayan, aka ce ta zaɓa, kuma cikin ladabi aka ce, har da roƙo. Da tsawa aka yi mata da ta san abin da za ta yi.

Ta koma ofis ta ture lemon nan cikin kwandon shara. Kwana uku ta yi tana mayar da shafukan. Hotunan suna nan a wata ma'ajiya da bai sani ba, ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ta sake haɗa kowane hoto da launinsa da saiz ɗinsa. Jadawalan awo kuwa ya shafe su sarai, sai da ta ɗauko riguna daga sito ta shimfiɗa a tebur ta sake aunawa, daga hammata zuwa hammata ta ninka biyu, Baba Tela yana riƙe mata bakin tef saboda hannun. Layin ma ba ta mayar da shi yadda yake ba. Ta tambayi Baba Tela kwana nawa zai ɗauka kafin ya sauke takardun da ke ƙusa, ya ce in Allah ya yarda mako uku. Ta rubuta kwana goma sha biyar na aiki, har sai layin ya ragu. Ta aika wa mutum ashirin da uku saƙo da ranar da kowacce za ta sami kayanta. Tara suka ce a mayar musu da kuɗi, biyu suka zage ta, sauran suka ce za su jira.

Amsar matar ta bari ƙarshe. Ta rubuta ta goge ya fi sau biyar. Abin da ya fita a ƙarshe gajere ne: shafin ya nuna kwana biyu zuwa uku a saiz ɗin da ɗinkinsa ke ɗaukar kwana tara, kuskure ne daga mai kula da shafukanmu, an gyara, muna neman afuwa. Ta karanta shi sau ɗaya ta danna. Baba Tela yana tsaye a bakin ƙofa da rigar matar a kafaɗarsa, ya tsallake layi ya ɗinka mata duk da ya san ba ta da inda za ta sa ta. Ya ce, «Ƙanwata...» Ta ɗaga masa hannu kada ya ƙarasa.

Sai kiran. Ta jawo wayar shago, ta rufe ƙofar ofis, ta buga lambar da ke takardar oda. Aka ɗauka a ƙara ta huɗu. Muryar babbar mace ce, a gajiye, ana jin kukan yaro da ƙarar famfo a bayanta.

Anti ta gaishe ta, ta faɗi daga inda take kira.

«Ke ce kika rubuta kwana uku?»

Anti ta dubi ƙofar. Ta cikinta tana jin keken Baba Tela ya fara tafiya, daga can nesa kuma Manaja yana dariya a waya.

«Ni ce mai kula da shafin.»

Matar ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. A hankali ta riƙa faɗa. Ta faɗi yadda ta goge takalminta tun ranar Lahadi. Ta faɗi yadda ta tsaya a ƙofar kicin sauran suna wucewa da fararen rigunansu, shugabar tana duban ta tana cewa ai da ta san jikinta da ta shirya da wuri. Ta faɗi abin da ta gaya wa 'ya'yanta ranar Laraba. Anti ta riƙe wayar da hannun hagu tana cewa, «Haka ne. Ki yi haƙuri. Haka ne.»

«Haƙuri,» in ji matar. «Ke ba ki san komai ba, 'yar nan. Na ga hotonki ai a shafin, an ɗame ki kamar tsinke kina murmushi. Irinku kowane shago kuka shiga akwai naku a rataye. Ina za ki san abin da ake ji?»

Anti ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gaba ɗayanta, tun daga shagunan ƙuruciya har zuwa guntuwar takardar da ta rubuta wa Manaja. Jimla ɗaya ta isa. Amma jimlar farko za ta jawo ta biyu, ta biyu kuma za ta kai ga wanda ya yi, kuma keken yana ta tafiya a bayan ƙofa.

«Kin yi gaskiya, yaya,» ta ce. «Ban sani ba.»

Matar ta kashe wayar.